Yadda muka sake rubuta tayin ragi ga mai biya da wuri

Ina riƙe da littattafan lissafi na wani dila a Kano wanda yake rarraba sabulu, garin wanki da man shafawa ga masu shaguna a garuruwan Arewa, kuma yawancin cinikinmu bashi ne na kwana 30. Domin kuɗi su riƙa dawowa da sauri, maigidan ya daɗe yana yin ragi ga wanda ya biya kafin wa'adi, an kuma buga wannan tayi a ƙasan takardar kuɗin kaya da layi ɗaya: "Akwai ragin kashi 2 ga wanda ya biya cikin kwana 10." A gefensa kuma manhajar lissafinmu tana buga `2/10 net 30`, wanda akantoci suka san ma'anarsa, wato ragin kashi 2 cikin 100 idan an biya cikin kwana 10, in ba haka ba a biya duka cikin kwana 30, amma babu ɗaya daga cikin abokan cinikinmu da ya taɓa kula da shi.

Abin da ya sa muka zauna a kan wannan layi shi ne wata takarda da muka rubuta ranar Litinin, 3 ga Maris 2025, ga wani mai shago a Gashuwa. Kuɗin kayan Naira 4,000,000 ne, harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ya kama Naira 300,000, kuɗin mota kuma Naira 100,000, jimla ke nan Naira 4,400,000. Mutumin ya turo Naira 4,312,000 ranar 16 ga wata, ya kuma ɗauka cewa ya gama da mu. A littafina kuwa ana binsa Naira 88,000, domin a lissafina wa'adin ragin ya wuce tun ranar 13. Da aka kira shi bai yi gardamar banza ba. Ya ce kayan ba su iso shagonsa ba sai ranar Alhamis, 6 ga wata, kuma shi bai san yadda za a fara ƙirga wa mutum kwanaki a kan kayan da bai gani ba. Da na sake karanta layin da idon wanda ba ya aiki a ofishinmu, sai na ga babu wata kalma a cikinsa da ta ƙaryata shi.

Kafin in taɓa rubutun, na fara da nuna wa Alhaji, wato maigidan, abin da ragin yake ci masa, saboda na san zai ce a bar maganar, zumuncin kasuwa ya fi Naira dubu tamanin. A kan waccan takarda, muna sadaukar da Naira 80,000 domin mu karɓi Naira 4,320,000 kwana 20 kafin lokacinsu. Idan aka auna wannan da shekara, daidai yake da karɓar rancen da ake biyan kusan kashi 34 cikin 100 a kansa. Idan kuma aka ƙyale mutum ya makara da mako guda amma ya cire ragin, kwana 13 kawai muka saya da wannan kuɗi, kuma tsadar ta haura kashi 50. Wannan lissafi ne ya sa ya ajiye wayarsa ya ce, "To Malam, rubuta mana abin da ko yaron shago ya karanta ba zai fahimci wani abu daban ba."

Na fara da kason, domin shi ne ya fi sauƙi. A bakin mutane "kashi biyu" yana iya nufin rabi, kamar yadda ake cewa a raba abu kashi biyu, saboda haka na rubuta shi cikakke, kashi 2 cikin 100, na kuma ƙara da cewa Naira 2 ke nan a kowace Naira 100. Babbar tambayar ita ce kashi 2 na wane kuɗi. A takardar Gashuwa amsa uku ake iya samu, kuma kowace tana da mai kare ta: Naira 88,000 idan an ɗauka daga jimlar gaba ɗaya, Naira 86,000 idan an ɗauka daga kuɗin kaya da haraji, Naira 80,000 idan an ɗauka daga kuɗin kaya kaɗai. Mun tsaya a kan ta ƙarshe. Harajin ba kuɗinmu ba ne, karɓa muke yi mu miƙa wa hukuma, kuɗin mota kuma direba ya riga ya karɓi abinsa cif, don haka yin ragi a kansu ciro kuɗi ne daga aljihunmu a kan abin da ba mu ci riba a kai ba. Haka kuma na fayyace cewa idan an riga an yi wa mutum ragin sari saboda yawan katan ɗin da ya ɗauka, ana lissafa kashi 2 ɗin ne a kan abin da ya rage bayan wancan ragi, ba a kan farashin farko ba.

Wa'adin ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Na ɗauki kalanda na ƙirga "kwana 10" ta duk hanyar da mai gaskiya zai iya ƙirgawa. Wanda ya sa ranar takardar a matsayin rana ta farko zai tsaya a Laraba, 12 ga Maris. Wanda ya fara daga washegari, kamar yadda nake yi, zai tsaya a Alhamis, 13. Wanda ya fara daga isowar kaya zai kai Lahadi, 16. Wanda kuma ya ce kwanakin aiki ake nufi, ya cire Asabar da Lahadi, zai kai Litinin, 17. Ranaku huɗu ke nan daga layi ɗaya, kuma a zahiri kowa zai zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi ba tare da ya ji ya zalunci kowa ba.

Alhaji ya so mu ƙirga daga ranar isowar kaya, domin yana ganin hakan ya fi adalci ga na nesa, kuma ba za a ce bai da hujja ba, tunda mai shago a Sabon Gari yana karɓar kayansa a ranar, na Gashuwa ko Maiduguri kuwa sai ya jira mota. Na nuna masa cewa ranar isowa ba a hannunmu take ba. Direba ne ke dawo da takardar da aka sa wa hannu, sau da yawa babu kwanan wata a jikinta, wani lokaci kuma ba ta dawowa sai bayan wa'adin ma ya wuce, ta yadda ba za mu iya gaya wa mutum ranar ƙarshe ba a lokacin da yake buƙatar saninta. Kwanakin aiki su ma suna da tasu matsalar, domin hutun Sallah ya dogara da ganin wata, gwamnati kuma ba ta sanar da shi sai ana saura 'yan kwanaki. A ƙarshen wancan watan na Maris ma an yi hutun ƙaramar Sallah ranakun 31 ga Maris da 1 ga Afrilu, kuma duk takardar da wa'adinta ya ratsa ta nan da sai an sake ƙirga ta. Muka daidaita a kan ranar takardar, ana farawa daga washegari, ana ƙirga kowace rana har da Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Don kada a cuci na nesa, muka ɗaure kanmu da cewa ba za a rubuta takarda ba sai ranar da aka loda kayan a mota, domin a da akan rubuta ta tun ranar da aka yi oda, kayan kuma su yi kwanaki a sito.

A nan ne na fahimci cewa duk yadda na gyara ƙa'idar ƙirga, muddin abokin ciniki ne zai yi ƙirgar da kansa, za a sami saɓani. Saboda haka na sauya tsarin gaba ɗaya. Ƙa'idojin suna nan a rubuce, amma kowace takarda tana fitowa da amsar lissafin a jikinta, wato adadin da za a biya da Naira da kuma ranar ƙarshe da sunanta da kwanan watanta. Mai shago ba ya buƙatar ya san yadda ake fitar da kashi 2 cikin 100, abin da yake buƙata shi ne ya ga lambobi biyu da ranaku biyu, ya zaɓi wanda zai iya. Wannan a ganina shi ne gyaran da ya fi kowane amfani a cikin aikin, sauran duk shinge ne aka kewaye shi da shi.

Sai kuma kalmar "ya biya", wadda da farko ban zaci akwai magana a kanta ba. Wani yana ganin ya biya da zarar ya turo hoton alat ta waya, alhali kuɗin na iya maƙalewa tsakanin bankuna ko a mayar masa da su, ban da alat na bogi da kowane ɗan kasuwa ya san labarinsa. Wani yana rubuta cek mai ɗauke da kwanan watan ranar ƙarshe, ya aiko da shi bayan kwana uku. Wani kuma yana damƙa wa direba tsabar kuɗi a can garinsu, direban ya biya ta wasu garuruwa kafin ya iso Kano. Muka rubuta cewa biya yana nufin kuɗin sun shiga asusun bankin da aka buga lambarsa a takardar, ko kuma an kawo su hannun mai karɓar kuɗi a ofis an ba da rasit. Cek ba ya zama biya sai banki ya zuba kuɗinsa a asusun. Na yi tunanin sa ƙarfe kaza a matsayin iyaka, amma na fasa, saboda lokacin da wayar mai turawa take nunawa da wanda bankinmu yake nunawa ba kullum suke daidai ba, kuma da mun buɗe wata sabuwar gardama a kan mintoci. Kwanan watan da ya fito a bayanin asusunmu na banki shi ne shaida, muka kuma ƙara da shawarar kada a jira dare a ranar ƙarshe, domin kuɗin da aka tura da tsakar dare suna iya fitowa da kwanan watan washegari.

Sharuɗɗan da suka rage ban ƙirƙiro su daga kaina ba, na bi tsofaffin rigingimun da ke cikin littafi ne ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu biyan rabi cikin wa'adi su cire ragin rabin, su kawo sauran lokacin da suka ga dama. Ana iya yarda da haka, kuma wasu kamfanoni suna yarda, amma zai sa kowace takarda ta zama tana da lissafi iri-iri, saboda haka muka ce sai an biya adadin gaba ɗaya, ko da a turawa biyu ko uku ne, in dai duk sun shigo cikin wa'adin. Akwai kuma mai tsohon bashi wanda zai tsallake shi ya biya sabuwar takarda don ya ci ragi. Misali, mutumin da ake bi Naira 600,000 da wa'adinsu ya wuce, ya turo Naira 4,320,000 yana nufin sabuwar takarda. A sabon tsarin ana fara cire tsohon bashin daga abin da ya turo, sabuwar takardar ta zama da giɓin Naira 600,000, ragin kuma bai tabbata ba sai ya cike giɓin kafin ranar ƙarshe. Wannan sharaɗi yana da zafi idan mutum bai san da shi ba, don haka muka sa takardar ta riƙa nuna tsohon bashin a sama, inda ido zai fara sauka.

Batun kayan da aka dawo da su ya zo da sauƙi. Idan kayan Naira 200,000 sun lalace a hanya kuma mun karɓa, kuɗin kaya ya koma Naira 3,800,000, ragin ya koma Naira 76,000, harajin ma ya sauka daidai da haka, sai mu fitar da gyararriyar takarda da sababbin lambobi, amma ranar ƙarshe ba ta motsawa. Da mun bar ta tana motsawa, da katan ɗaya da ya fashe ya isa ya ƙara wa mutum mako guda.

Alhaji bai yarda a rufe ƙofar sassauci gaba ɗaya ba, kuma na ga yana da gaskiya, domin akwai ranar da bankuna ke tsayawa cak, mutum yana da kuɗinsa a hannu amma ya kasa turawa. Abin da na nema shi ne a san wanda ke riƙe da makullin wannan ƙofa. A da, masu kai kaya kasuwa sukan ce wa abokin ciniki "ba komai, cire kawai" don su faranta masa, ni kuma in tarar da giɓin da babu wanda zai amsa shi. Yanzu an rubuta cewa maigida kaɗai ke iya ƙara wa'adi, kuma sai a rubuce, ko da saƙon waya ne, a manna shi a bayan kwafin takardar.

Wani dattijo daga cikin manyan abokan cinikinmu ya tayar da wata magana da ta shafi rubutun kai tsaye. Ya ce shi ba ya shiga cinikin da aka bar farashi biyu a rataye, kuma rage bashi don a gaggauta biya abu ne da malamai suka yi saɓani a kai, mazhabar Malikiyya da muke bi a nan kuma ta tsananta a kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta halatta irin wannan ragi idan tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai kuma ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba, tayin da aka buga a takarda kuwa yarjejeniya ce tun farko. Bayan Alhaji ya tuntuɓi malaminsa, muka ƙara hanya ta biyu: wanda ba ya son tayin sai ya faɗa a lokacin ciniki, a yanke masa farashi ɗaya tak, ko na biya nan take ko na bashin kwana 30, a rubuta takardarsa ba tare da layin ragi ba.

Da na gama daftarin, na buga shi a kan takardar Gashuwa na ba mai kula da sito, da wani direba, da yaron wani abokin ciniki da ya zo ɗaukar kaya, na tambayi kowannensu shi kaɗai abu uku: nawa za a biya, yaushe ne ranar ƙarshe, kuma me zai sa a rasa ragin. Duk sun faɗi adadin daidai. A kan ranar kuwa, daftarin ya ce "kafin Alhamis, 13 ga Maris", sai direban ya ce ai Laraba ce ranar ƙarshe tunda an ce kafin Alhamis, mai kula da sito kuma ya ce Alhamis ɗin tana ciki. Direban ne ya karanta daidai abin da ke rubuce, ba abin da muke nufi ba, saboda haka na cire "kafin" na sa "har zuwa", na kuma ƙara "ita ma ranar tana ciki". Yaron shagon kuma ya tambayi abin da zai faru idan mutum ya cire ragin bayan wa'adi, wanda daftarin bai faɗa ba sam, sai na ƙara jimla ɗaya a kai. Ga yadda rubutun ya tsaya, da lambobin waccan takarda:

> Idan Naira 4,320,000 suka shiga asusunmu daga yau har zuwa Alhamis, 13 ga Maris 2025, ita ma ranar tana ciki, an biya wannan takarda gaba ɗaya. Bayan wannan rana, abin da za a biya Naira 4,400,000 ne, kuma ranar ƙarshe ita ce Laraba, 2 ga Afrilu 2025.
>
> Ragin Naira 80,000 ne, wato kashi 2 cikin 100 na kuɗin kaya kaɗai, ban da haraji da kuɗin mota. Ana ƙirga kowace rana har da ranakun hutu. Kwanan watan da ya fito a bayanin asusunmu na banki ko a rasit ɗin ofishinmu shi ne ranar biya. Hoton alat, cek ɗin da bai fita ba da kuɗin da aka ba direba ba su zama biya ba. Duk kuɗin da suka shigo ana fara cire tsohon bashin da wa'adinsa ya wuce daga cikinsu. Babu ragi a kan biyan da bai cika ba. Wanda ya cire ragi bayan ranar, abin da ya cire yana nan bashi a kansa. Maigida kaɗai ke iya ƙara wa'adi, kuma a rubuce.

Mun cire `2/10 net 30` daga takardar, domin barin magana ɗaya a wuri biyu da siga biyu gayyatar saɓani ne. Ga abokan cinikin da ke son takardarsu da Turanci mun yi fassarar rubutun, muka kuma tabbatar lambobi da ranaku daga wuri ɗaya manhajar take ɗauko su, don kada a gyara ɗaya a manta ɗayan.

Mutumin Gashuwa da sauran waɗanda ke da irin takaddamarsa an bar musu ragin yadda suka fahimce shi. Ko a shari'ar kwangila, idan rubutu ya ɗauki ma'ana biyu akan fassara shi ne a kan wanda ya rubuta shi, kuma mu muka rubuta tsohon layin. Sabon tsarin ya fara aiki a kan takardun da aka rubuta daga farkon watan Mayu, ba a kan waɗanda ke hannun mutane ba, kuma kafin lokacin mun aika wa kowa rubutun, tare da saƙon murya da Alhaji ya karanta shi da bakinsa, saboda da yawa daga cikin abokan cinikinmu sun fi gaskata abin da suka ji daga gare shi a kan abin da aka buga.

Gyara ɗaya ya biyo baya da aka fara aiki da shi. Wasu suna turo kuɗi daga asusun ɗansu ko na mai POS, sunan da ke fitowa a banki ba nasu ba ne, kuɗin su shigo cikin wa'adi amma in kasa sanin na wace takarda ne sai bayan kwanaki. Muka ƙara layi a ƙarƙashin lambar asusun cewa a rubuta lambar takardar a wurin bayanin turawa, wanda kuma bai samu damar yin haka ba ya aiko mana da lambar da sunan mai asusun a ranar da ya tura.